Gidajen sayarwa ko kamfanin bulo: wane lissafi za a bi idan IRR ya fito guda biyu

Yawancin ayyukan da ake zuba wa jari hanya ɗaya suke bi. Ka fitar da kuɗi a farko, daga nan su riƙa dawowa shekara bayan shekara. A irin wannan aiki, ma'aunai biyun da aka fi amfani da su, NPV da IRR, ba sa saɓani kan ko aikin ya cancanci a yi shi. Rigima tana tasowa ne idan kuɗi suka fita, suka shigo, sannan suka sake fita da yawa a ƙarshe. A Kaduna ba sai an je nesa ba kafin a ga irinsa: mai gina gidaje da ke karɓar kuɗin masu saye tun gini bai kai linta ba, ɗan kwangilar da aka ba kuɗin somin aiki mai kauri, mai haƙar marmara da zai cike rami idan ya gama. Wanda ya san adashi ya san siffar: ka yi zubi, ka kwasa a tsakiya, sannan ka ci gaba da zubi. Kafin kwasa kai ke bin mutane, bayan kwasa kai ake bi.

NPV yana ɗaukar duk kuɗin da za su shiga ko su fita nan gaba, ya mayar da su darajarsu ta yau, ya haɗa. Ana yin haka ne da tsadar jari, wato abin da kuɗin ke ci maka a shekara, ko abin da za su samo maka da ka kai su wani wuri mai haɗari iri ɗaya. Idan tsadar jarinka kashi 25 cikin ɗari ce, naira 125 ta baɗi daidai take da naira 100 ta yau. Amsar NPV a naira take fitowa. Shi kuwa IRR tambayar yake juyawa: a wace tsadar jari ce NPV zai zama sifili? Amsarsa kaso ce cikin ɗari, kuma ƙa'idar da kowa ya haddace ita ce a karɓi aiki idan IRR ya fi tsadar jari.

Ga mai gudun kuɗin ruwa, wannan kashi 25 ba lallai ya zama ruwan banki ba. Yana iya zama ribar da ake ɗora maka a cinikin murabaha, ko abin da kuɗin suka saba samowa a shagonka na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Lissafin bai canza ba.

A ce wa da ƙani suna da damar samun naira miliyan 50, tsadar jarinsu kuma kashi 25 cikin ɗari a shekara. Ba adadi ba ne na almara: a ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5. Ayyuka biyu ne a gabansu, kuma ɗaya kawai za su iya yi. Alƙaluman misali ne, na zaɓe su don lissafin ya fito sarai.

Na farko shi ne gidaje. Su sayi fili wajen Millennium City, su yi takardu a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, su sa harsashi da katanga: miliyan 50 sun tafi yau. A ƙarshen shekara ta farko masu saye sun biya, kuma bayan an cire abin da gini ya ci a shekarar, miliyan 160 sun rage a hannu. A ƙarshen shekara ta biyu dole su kashe miliyan 120 wajen rufi, filasta, tayil, wayarin da famfo, su miƙa makullai.

Na biyu kamfanin bulo ne a wajen Rigachikun. Inji, janareto, rijiyar burtsatse da hayar fili sun ci miliyan 50 yau. Shekara ta farko ya bar miliyan 40 bayan an cire siminti, yashi, dizal da kuɗin leburori. Shekara ta biyu ma miliyan 40, har da kuɗin sayar da injin.

Ƙanin ya buɗe Excel, ya jera alƙaluman gidaje daga B2 zuwa B4, wato -50, 160 da -120, ya rubuta:

```
=IRR(B2:B4)
```

Amsa ta fito kashi 20. Ya ce, "Yaya, gidajen nan ba su kai ba. Kashi 20 ne, mu kuwa kuɗinmu 25 yake ci." Wan ya ce ai mai ba su shawara ya nuna masa kashi 100 a takarda. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Excel yana lalubo IRR ne ta hanyar gwaji, yana farawa daga kashi 10 idan ba ka ba shi wurin farawa ba, kuma da ya ci karo da amsa ɗaya sai ya tsaya. Ba ya gaya maka cewa akwai wata a gaba. Ka ba shi wani wurin farawa:

```
=IRR(B2:B4,0.9)
```

sai ya ba ka kashi 100. Dukansu daidai ne, kuma ana iya gwadawa da hannu. A kashi 20, miliyan 160 na baɗi sun zama 133.3 a yau, miliyan 120 na shekara biyu sun zama 83.3, ka cire 50 da 83.3 daga 133.3, babu saura. A kashi 100, 160 ya zama 80, 120 ya zama 30. Ka cire 50 da 30 daga 80, nan ma babu saura.

Dalilin tsoho ne. Tun 1637 René Descartes ya kafa ƙa'idar cewa yawan amsoshin irin wannan lissafi ba zai wuce yawan juyawar alama ba. Kuɗin bulo sau ɗaya suka juya, daga fita zuwa shiga, saboda haka IRR ɗinsa ɗaya ne tak, kusan kashi 38. Na gidaje sun juya sau biyu, don haka amsa tana iya zama biyu, tana kuma iya zama babu ko ɗaya. A fagen zuba jari, James Lorie da Leonard Savage ne suka fito da matsalar fili a 1955, da misalin famfon rijiyar mai da ke janyo man da wuri ba tare da ya ƙara yawansa ba.

To, wanne daga cikin biyun ne na gaskiya? Nan ne nake ganin mutane da yawa suke ɓata lokaci, suna neman dalilin zaɓar ɗaya su yar da ɗaya, galibi ƙaramin, wai don ya fi kama da hankali. Kafin a yi wannan gardama, ya kamata a dubi NPV na ayyukan biyu a tsadar jari daban-daban. Alƙaluman a miliyoyin naira suke:

| Tsadar jari, kashi cikin ɗari | Gidaje | Bulo |
|---|---|---|
| 0 | -10.0 | 30.0 |
| 10 | -3.7 | 19.4 |
| 20 | 0 | 11.1 |
| 25 | 1.2 | 7.6 |
| 30 | 2.1 | 4.4 |
| 40 | 3.1 | -1.0 |
| 50 | 3.3 | -5.6 |
| 100 | 0 | -20.0 |

Na bulo yana gangarowa ne a hankali, kamar yadda aka saba: duk sanda kuɗi suka ƙara tsada, aikin ya rage kyau, har ya tsallaka sifili a kashi 38. Na gidaje kuwa daga asara ya fara, ya hau, ya tsallaka sifili a kashi 20, ya kai ƙololuwa a kashi 50, sannan ya sauko ya koma asara bayan kashi 100. Wato aikin yana da riba ne kawai idan tsadar jarinka tana tsakanin 20 da 100. Ƙanin da ya ƙi shi don 20 bai kai 25 ba ya karanta ƙa'idar a juye, domin a wannan wuri sai tsadar jari ta wuce IRR ne aikin ke fara amfani. Wan da ya ga kashi 100 shi ma ya ruɗu, domin duk abin da aikin ya ƙara musu bai wuce miliyan 1.2 da kuɗin yau ba, alhali bulo ya ƙara 7.6.

A lura da layin farko na teburin. Idan aka haɗa kuɗin gidaje kai tsaye, 160 ne suka shigo, 170 suka fita. Ginin kansa asarar miliyan 10 ne. Abin da kawai ya ba shi daraja shi ne kuɗin mutane da za su zauna a hannunka shekara guda. Wannan shi ne zuciyar maganar, kuma shi ya sa na fi son a bi kuɗin shekara-shekara maimakon a tsaya kan kaso ɗaya.

Bari mu bi su. A kashi 20, miliyan 50 da aka zuba sun zama nauyin miliyan 60 a ƙarshen shekara. 160 sun shigo, an sauke 60, saura 100 a hannu. Waɗannan 100 sai sun haifi kashi 20 kafin su kai 120 ɗin da ake bukata. A kashi 100 kuwa, 50 sun zama 100, saura 60 a hannu, kuma sai waɗannan 60 sun ninka kansu cikin shekara guda kafin su biya 120. Ma'anar kowane IRR ke nan a wannan aiki: jarinka zai sami kashi 100 a shekarar farko, da sharaɗin kai ma ka iya juya kuɗin masu saye su ninka a shekara ta biyu. IRR yana tilasta kaso ɗaya ya yi aiki biyu, ribar da aikin ke ba ka lokacin da kuɗinka ke cikinsa, da ribar da kai za ka samo lokacin da kuɗinsa ke hannunka. Babu abin da ya haɗa waɗannan biyun a zahiri. Don haka tambayar wanne ne na gaskiya ba ta da amsa; kowannensu yana kwatanta wata duniya ce da ba lallai kai kana cikinta ba.

NPV ya fi shi a nan saboda ba ya ƙirƙiro kaso daga cikin aikin. Kai ne ke kawo kason daga waje, daga abin da kuɗi ke ci maka da gaske, kuma ko sau nawa kuɗi suka juya, amsa ɗaya ce zai ba ka. Ana kuma iya haɗa NPV na ayyuka biyu ko a cire ɗaya daga ɗaya, abin da ba ya yiwuwa da IRR. Wajen rubuta shi a Excel akwai tarko ƙarami: yana ɗaukar adadi na farko da ka ba shi a matsayin na ƙarshen shekara ta ɗaya, saboda haka kuɗin yau a waje ake barin su:

```
=NPV(0.25,B3:B4)+B2
```

Amma kada a ɗauka 1.2 ɗin nan ya wanke gidaje. Shi ma NPV, da aka yi shi da kashi 25 tun daga farko har ƙarshe, yana ɗauke da zato iri ɗaya: cewa rarar da ke hannu za ta samo kashi 25. Mu bi kuɗin a gani. Miliyan 50 sun zama nauyin 62.5. An sauke shi daga 160, saura 97.5. Idan waɗannan suka haifi kashi 25, sun kai kusan 121.9, an biya 120, saura kusan 1.9, wanda shi ne 1.2 ɗin nan idan aka dawo da shi yau. To ina za a kai miliyan 97.5 su haifi kashi 25? Idan 'yan'uwan suna da wani bashi mai tsadar 25 da za su kashe da kuɗin, ko kasuwanci tabbatacce da ke iya haɗiye su ya dawo da su a kan lokaci, zaton ya tsaya. Idan kuwa ajiya za a yi mai ba da kashi 15, 97.5 za su tsaya a 112.1, a sami giɓin kusan miliyan 7.9 ranar da mai tayil da mai rufi ke jiran kuɗinsu. Idan a asusu kawai suka kwanta, giɓin 22.5 ne. Kafin aikin ya fita kunya, sai rarar ta samo sama da kashi 23.

Akwai kuma abin da ya fi lissafi nauyi a wurina. Kuɗin nan na ma'aikacin da ya tara shekara da shekaru ne, da 'yan kasuwar da suka yarda da kai. Wanda ya kai su sayen masara don a ɓoye, ko ya zuba su a wani fili da fatan ya tashi, domin kawai ya cimma kashi 25 ɗin da lissafi ya nema, ya ɗora wa masu saye haɗarin da ba su amince da shi ba. Idan amana ta sa dole a ajiye kuɗin a wuri mai aminci, to kason wurin mai aminci ne ya kamata ya shiga lissafi, ba kason kasuwa ba.

Hanyar yin hakan ba ta da wuya, kuma Teichroew, Robichek da Montalbano sun shimfiɗa ta tun 1965. Ka fara ware abin da dole ka ajiye a ƙarshen shekara ta farko domin ya kai 120, bisa kason da ka tabbata za ka samu. Abin da ya rage shi ne na jarinka. A kashi 15, sai ka ware 104.3, saura 55.7, wato miliyan 50 ɗinka sun sami kashi 11 da ɗoriya. A kashi 25 za ka ware 96, saura 64, riba kashi 28. Idan ajiyar ba ta haifar da komai, 120 za ka ware cif, saura 40, ka yi asarar kashi 20. Yanzu kaso ɗaya ne ke fitowa, kuma shi ne ake iya gwadawa da tsadar jari. Kashi 11 bai kama ƙafar 25 ba.

Bulo ba ya da wannan matsala ko kaɗan. Nauyin 62.5 ya ragu zuwa 22.5 bayan 40 na farko, ya hau zuwa 28.1, 40 na biyu suka share shi, saura kusan 11.9. Tun daga farko har ranar ƙarshe kuɗinka ne ke cikin aikin, babu lokacin da ka riƙe na kowa. Shi ya sa kashi 38 ɗinsa yake da ma'anar da kowa ke zato.

Wannan ya kawo mu ga wani abu da ake yawan wuce gona da iri a kansa. Ba duk aikin da kuɗinsa suka juya fiye da sau ɗaya ne IRR ɗinsa ya lalace ba. Ɗauki tifar ɗibar yashi: miliyan 50 sun fita, 30 sun shigo, shekara ta biyu gyaran inji ya cinye komai har da ƙarin 5, shekara ta uku 45 sun shigo tare da kuɗin sayar da motar. Juyawa uku ke nan, amma IRR ɗaya ne, kusan kashi 17. Yadda ake ganewa da sauri shi ne a riƙa tara kuɗin daga farko: -50, -20, -25, sannan 20. Tarin ya fara da asara, ya tsallaka sifili sau ɗaya kacal, bai koma ba. Carl Norstrøm ya nuna a 1972 cewa idan haka ta kasance, IRR ɗaya ne kawai sama da sifili. Yi wa gidaje wannan gwaji: -50, 110, -10. Ya tsallaka ya dawo, kuma wannan ita ce alamar a yi hattara. Gwajin yana tabbatar da lafiya ne idan an ci shi. Faɗuwa a cikinsa ba ta nufin lallai amsa biyu ce, tana nufin sai an zana tebur irin na sama an gani da ido. A tifar ma, ko bayan gyaran inji, kuɗin mai motar ne ke cikin aikin har ƙarshe, saboda haka kashi 17 ya faɗi gaskiya: bai kai 25 ba, kada a saya.

Wasu za su ce ai akwai MIRR, wanda aka yi shi musamman don wannan ciwo. Yana dawo da duk kuɗin da suka fita zuwa yau da kaso ɗaya, ya tura duk waɗanda suka shigo zuwa ƙarshe da wani kason, ya fitar da amsa ɗaya:

```
=MIRR(B2:B4,0.25,0.15)
```

Idan aka sa 25 a duka wuraren biyu, gidaje sun ba da kashi 25.6, bulo 34.2. Idan aka sa 15 a matsayin abin da rara ke samowa, gidaje sun sauka zuwa kusan 20.5. Yana da amfani idan banki ko abokan haɗin gwiwa suka nace sai an ba su kaso. Amma ban ɗauke shi alƙali ba, saboda dalilai biyu. Na ɗaya, har yanzu yana rage miliyan 120 ɗin ƙarshe da kashi 25, alhali daga rarar da ke samun 15 za a biya su. Shi ya sa ya ce 20.5 inda bin kuɗin da hannu ya nuna 11. Na biyu, ya mayar da gidaje aikin miliyan 126.8, bulo kuma na 50, don haka kasonsu ba a kan abu ɗaya yake ba. A misalinmu ya dace da NPV, amma idan girman ayyuka ya bambanta yana iya fifita ƙaramin aiki mai babban kaso a kan wanda ya fi kawo naira.

Akwai wurin da IRR ke da amfani na gaske a wannan zaɓi, kuma shi ne a kan bambancin ayyukan biyu. Cire kuɗin bulo daga na gidaje shekara-shekara. Yau babu bambanci, duka 50 ne. Shekara ta farko gidaje sun fi da 120. Shekara ta biyu sun gaza da 160, domin za ka biya 120 kuma ka rasa 40 na bulo. Wato zaɓar gidaje a maimakon bulo daidai yake da karɓar rancen miliyan 120 a biya 160 bayan shekara, tsadar kashi 33.3. Juyawa ɗaya ce, amsa ɗaya ce, kuma ma'anarta a fili take: wanda ke iya samun kuɗi a kashi 25 ba shi da dalilin karɓar rance a 33.3. A daidai wannan kaso ne NPV na ayyukan biyu ke haɗuwa, kowanne miliyan 2.5. Ƙasa da shi bulo ne a gaba, sama da shi gidaje. Saboda haka gidajen nan na mutum ɗaya ne kawai: wanda kuɗi suka yi masa tsada fiye da kashi 33, kuma yake da inda zai sa rarar ta samo hakan da gaske, ba tare da ya ci amanar masu saye ba.

Saura maganar haɗari, inda nake ganin an fi yin ɓarna. Al'adar masu lissafi ita ce idan aiki ya fi haɗari a ƙara masa tsadar jari, daga 25 zuwa 30 misali, don a hukunta shi. Duba teburin: a gidaje wannan yana ɗaga NPV daga 1.2 zuwa 2.1. Hukuncin ya zama lada, saboda ƙara kaso yana ƙanƙantar da kuɗin da za a biya a ƙarshe, kuma a nan ne haɗarin yake. Farashin gidan an riga an yanke shi, an karɓa, an ba da rasit; farashin siminti, rodi da kwanon rufi na shekara biyu masu zuwa ba a hannun kowa yake ba. Duk wanda ya yi gini a 2024, shekarar da hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30, ya san yadda ƙiyasi ke tsufa kafin a kai rufi. Maganin shi ne a taɓa adadin kansa, a bar kason yadda yake. Ko da rara tana samun kashi 25, da zarar kuɗin gamawa sun wuce miliyan 121.9 riba ta ƙare, wato ƙarin da bai kai kashi 2 ba. Idan suka kai 130, NPV ya koma asarar 5.2. Kuma da zarar sun haura 128 babu IRR ko ɗaya: Excel zai nuna `#NUM!`, mutum ya yi ta canza wurin farawa yana zaton na'ura ce ta samu matsala, alhali aikin ne ba ya da riba a kowace tsadar jari.

Bulo ma yana da nasa haɗarin, kuma adalci ne a gwada shi da irin wannan sanda. Damina tana rage ciniki, dizal na tashi, masu karɓa bashi suna jan kafa. Amma yana da wurin numfashi: sai abin da yake bari a shekara ya sauka daga 40 zuwa ƙasa da 34.7, raguwar kusan kashi 13, kafin NPV ɗinsa ya taɓa sifili a kashi 25.

Da ni ne a wurin 'yan'uwan nan, bulo zan ɗauka a kan waɗannan alƙaluma. Idan kuma ransu na kan gidajen, abin gyarawa shi ne farashin sayarwa, ba ma'aunin lissafi ba. Domin gidaje su kamo bulo a tsadar jari ta 25, da rara a ajiyar kashi 15, kuɗin da ke shigowa a ƙarshen shekara ta farko sai sun kai kusan miliyan 176: 104.3 na ajiya don gamawa, 62.5 na sauke jari, da 9.5 wanda shi ne 7.6 na bulo bayan shekara guda. Ƙarin kusan kashi 10 ke nan a kan 160, kuma wannan ma bai sa komai ba don tashin farashin kaya, sai dai idan yarjejeniyar sayarwa ta ba da damar daidaita kashin ƙarshe da farashin siminti da rodi na lokacin.